Banki Ba Ya Tambayar Iyali

A ɗauko hoton wata hira daga waya, a yanke samansa inda suna da tambari suke, a miƙa wa duk wani Bahaushe mai riƙe da waya, kafin ya kai layi na biyu zai faɗi inda aka yi ta. Idan ta fara da "slm", aka amsa da "wslm, ykk, ya gida, ya yara, ya zafi", aka kwashe layi takwas ba a taɓo abin da ya kawo mutum ba, to WhatsApp ne. Idan kuwa ta buɗe da "Dear Valued Customer", ta gode maka da ka tuntuɓe su kamar wata alfarma ka yi musu, sannan ta nemi lambar asusunka ba tare da ta tambayi yadda ka kwana ba, to ka shiga akwatin hirar banki. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma kukan nan yana nuna gidan. Abin da bai nunawa shi ne ko tsuntsun ɗan gidan ne, kuma a nan mutanenmu suke yin asara.

A duba abu guda a wuraren biyu. Wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya tura naira 50,000 ga mai kawo masa kaya, an cire kuɗin daga asusunsa, can kuma ba su shiga ba. A WhatsApp zai aika wa mai kayan saƙon murya na minti huɗu. Minti na farko gaisuwa ne, na biyu jajen rasuwar da aka yi a unguwarsu, na uku tsinuwa ga netwok, sai a ƙarshe adadin kuɗin ya leƙo, shi ma da "wajen hamsin ɗin nan". Mai kayan zai amsa da "ba komai Alhaji, Allah ya sa su faɗo", a rufe da hoton hannaye biyu a haɗe. Babu wanda ya faɗi ranar, babu wanda ya faɗi lokacin, amma kowa ya gamsu. Mutumin nan dai, da ya buɗe manhajar bankinsa, sai ka ga ya gyara zama, wani ma har hula yake gyarawa alhali babu mai ganinsa. Za a nemi lambar asusunsa mai lamba 10, da ranar da ya tura, da adadin daidai ba "wajen" ba, da doguwar lambar nan mai lamba 30 da ke jikin rasit, wadda ake kira Session ID. Sai a ba shi lambar ƙorafi, a ce ya yi haƙuri na wasu ranakun aiki. Asabar da Lahadi ba sa ciki, domin kuɗin da ya maƙale shi ma yana hutun ƙarshen mako.

Masu saurin fushi suna cewa girman kai ne ya hana banki gaisuwa. Ba haka ba ne, tsoro ne. Duk abin da ma'aikaci ya rubuta a akwatin nan ana ajiye shi, kuma idan rigima ta kai gaban Babban Bankin Najeriya ko kotu, rubutun shaida ne. Shi ya sa ba zai taɓa ce maka "kar ka damu, gobe da safe za su dawo" ba, don goben na iya zuwa ba su dawo ba, kai kuma ka ɗauki hoton maganar. Ga shi mutum ɗaya yana amsa wa jama'a da yawa a lokaci guda, da amsoshin da aka riga aka shirya masa. Da zai tsaya tambayar kowa ya iyali, da Bahaushe ya ba shi cikakken rahoto har da na ƙafar kakarsa da ke ciwo, layin kuma ya kai Zariya. A WhatsApp kuwa sanayya ce jingina. Wanda ya san gidanku ba ya buƙatar Session ID, don ya san inda zai same ka.

Za a ce ai wannan alama ta tsufa, tunda bankuna da kansu sun buɗe layi a WhatsApp. Gaskiya ne sun buɗe, sai dai sun shiga da babbar rigarsu ba su tuɓe ba. Ko a can ɗin "Kindly" ce take buɗe kowace jimla, kuma ba za ka ga bankin ya turo maka addu'ar Juma'a mai furanni da umarnin ka tura wa mutum goma ba. Za a kuma kawo misalin dattijon nan tsohon ma'aikacin gwamnati, wanda yake rubuta wa ɗansa saƙo da "Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri", ya sa kwanan wata, ya rufe da "Ni ne mahaifinka", kamar yaron zai yi zaton wani ne. To ai shi ma a layi na uku zai tambayi ko an kai wa Hajiya maganinta. Tsarinsa na ofis ne, amma ya san sunan kowa a gidan, banki kuwa sunanka ma sai ya duba allo.

Ƙorafin da yake da nauyi shi ne na uku, wato cewa duk abin da ake gane shi da murya ana iya kwaikwayonsa. 'Yan damfara sun daɗe da gane cewa Turanci mai sitaci yana kashe wa mutanenmu jiki. Tun da aka shigo da BVN a 2014 suka samu abin tsoratarwa, ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kuma ya tura har waɗanda ba su saba ba zuwa tura kuɗi ta waya. Saƙo zai shigo da tambarin banki a matsayin hoto, da "Dear Customer", yana cewa za a rufe asusunka yau idan ba ka sabunta bayananka ba. Mutumin da zai yi wa ƙaninsa tambayoyi goma kafin ya ranta masa dubu biyu, sai ya miƙa wa baƙo lambobin katinsa cikin ladabi, har da godiya.

Amma ko a nan muryar tana tona asiri ga mai kunne. Ɗan damfara yana iya aron kalmomin banki, ba ya iya aron sanyin jikinsa. Banki na gaske ba ya gaggawa, ko kuɗinka ne suka maƙale, balle ya bi ka da kira sau biyar don ya taimake ka. Ka ɗan yi jinkirin amsa wa na bogin, za ka ga sitacin ya fara narkewa: "Dear Customer" ya koma "Oga", daga nan waya ta yi ƙara, wani ya ce da Hausa tsantsa, "Alhaji, wallahi taimakonka nake son yi, karanto mini lambar da ta shigo yanzu." Lambar nan ita ce OTP, kuma saƙon da ya kawo ta yakan ce kada a faɗa wa kowa. Ma'aikacin banki zai iya neman lambar asusu da ranar ciniki, amma ba ya neman PIN mai lamba 4, ba ya neman lambobi 3 na bayan kati, ba ya neman OTP. Sannan hirar gaske kai ne kake buɗe ta, daga cikin manhajar bankin bayan ka shiga da kalmar sirrinka ko ta layin da bankin da kansa ya bayar, ba ita ce take sallama a wayarka da tsakar dare daga lambar da ba ka sani ba. Wanda ya kira ka da sunan banki har ya tambayi ya yara, ka amsa masa cewa suna lafiya, ka kashe wayar.