Shawarwari Ga Wanda Aka Kama Hannunsa Za A Auna

Ba zan ɓata wa mai karatu lokaci da bayanin yadda ake miƙa hannu ba, domin duk wanda ke da ɗan'uwa matashi da ya dawo daga makarantar nesa da littafin duban hannu na Turawa a jakarsa ya riga ya san yadda ake kama masa yatsu ba da izininsa ba, tun kafin ya gama wanke hannu daga cin tuwo. Mu dai a gidanmu wannan jarrabawa ta sauka ne bayan ƙaramar salla, ta hannun ɗan ƙanena, kuma cikin kwana goma aka raba mutanen gida gida huɗu, wato ƙasa da iska da ruwa da wuta, har jikata 'yar shekara goma sha biyu ta kwana tana kuka saboda hukuncin da aka yanke wa tafin hannunta. Abin da na koya cikin waɗannan kwanaki shi zan tsara a nan, ko Allah ya sa ya amfani wanda ke cikin irin halin da muka shiga.

Shawara ta farko, ka san ƙa'idar kafin a karanta maka ita, domin gajera ce ƙwarai, kuma kwarjininta duka yana cikin rashin saninta. Abu biyu kaɗai ake dubawa: ko tafin murabba'i ne ko dogo, sa'an nan ko yatsu gajeru ne ko dogaye. Tafi murabba'i da gajerun yatsu shi ne hannun ƙasa, wanda suka ce mai shi yana da haƙuri da juriya da son aikin hannu, tare da taurin kai. Tafi murabba'i da dogayen yatsu hannun iska ne, na mai tunani da yawan zance da rashin zama wuri ɗaya. Dogon tafi da gajerun yatsu na wuta ne, na mai zafin nama da son shugabanci da gaggawa, dogon tafi da dogayen yatsu kuwa na ruwa, na mai taushin zuciya da saurin hawaye. Iyakar ilmin ke nan, biyu sau biyu, huɗu.

Ta biyu, idan aka ce maka wannan hikima ce ta mutanen farko, ka raba zancen biyu, domin rabinsa gaskiya ne. Ɗabi'u huɗu kam tsofaffi ne: masanin Yunan Empedocles ya yi maganarsu a tsibirin Sisili tun ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, likitocin Yunan suka haɗa su da zafi da sanyi da danshi da bushewa, Ibn Sina ya tsara su a cikin Alƙanun, har suka iso zaurukan malamanmu, inda ake jin nari da turabi da hawa'i da ma'i a bakin masu hisabi. Wannan sabo da kunnuwanmu suka yi da kalmomin shi ya sa matan gidana suka karɓi zancen yaron ba gardama. Amma ɗora ɗabi'un nan huɗu a kan tsawon tafi da na yatsu, ta sigar da ke yawo yanzu, aiki ne na jiya jiya, wanda aka fi danganta shi ga wani marubuci ɗan Ingila, Fred Gettings, a littafinsa na 1965. Kafin shi, wani hafsan sojan Faransa mai suna d'Arpentigny ya raba hannaye gida bakwai a ƙarni na 19, kuma rabon nan na bakwai shi masu duba na Turai suka daɗe suna bi. Wanda ya ce bakwai da wanda ya ce huɗu hannun ɗan Adam guda suke kallo, kuma babu ɗayansu da ya zo da hujjar da za ta tilasta wa ɗayan ya sauka.

Ta uku, ka nemi tef ɗin tela, kada ka yarda da awon ido. A nan ne zan daɗe, domin a nan ne raina ya ɓaci.

Na aika aka aro tef wurin telan unguwa, na zaunar da yaron a zaure, na ce, «To, ɗana, ga hannuna, auna ka faɗa mini ko ni wane ne.» Ya ɗora bakin tef a kan tsagar wuyan hannu, ya ja zuwa gindin yatsan tsakiya, ya sami santimita 10.8. Ya auna faɗin tafi a ƙarƙashin gindin yatsu, ya sami 8.6. Yatsan tsakiya kuwa, daga tsagar gindinsa zuwa kansa, 8.2. Sai ya buɗe littafinsa ya ce, «Baffa, ƙa'ida ita ce idan yatsan ya kai rubu'i uku na tsawon tafi, dogo ne.» Muka yi lissafi, rubu'i uku na 10.8 ya zama 8.1, ashe yatsana ya haye iyaka da milimita ɗaya tak, kaurin farce, kuma a kan wannan milimita ɗaya aka fitar da ni daga masu aikin hannu aka sa ni cikin masu tunani. Na ce ya sake awon, amma ya lura cewa wuyan hannu tsaga biyu ko uku gare shi, ba ɗaya ba. Da ya fara daga ta biyu, tafin ya zama 11.6, rubu'i ukunsa 8.7, yatsan da yake dogo ɗazu ya koma gajere, alhali ban motsa daga kan buzuna ba. Ba a nan abin ya tsaya ba, domin masu wannan fanni ba su daidaita a kan iyakar ba: wasu sun ce sai yatsa ya kai sumuni bakwai na tafi, wanda a hannuna ya zama 9.45, wasu kuma da faɗin tafi suke gwada shi, kuma a hukuncin duka biyun ni gajeren yatsa ne. Idan kuwa aka kifa hannu aka auna ta baya, daga ƙullin gaɓa, sai yatsan ya ƙaru da fiye da santimita biyu, saboda fatar da ke tsakanin yatsu tana ɓoye gindinsu ta wajen ciki.

Sai batun murabba'i, wanda ya fi wancan ban takaici. Murabba'i a wurin masu hisabi shi ne abin da tsawonsa da faɗinsa suka zo daidai, kuma a cikin hannaye goma sha huɗu da muka auna a gidan, daga na tsohuwarmu har na mai yi mana ga-ruwa, babu ko ɗaya da faɗinsa ya kamo tsawonsa, domin haka Allah ya halicci tafin mutum, ya fi tsawo bisa faɗi. Saboda haka idan mai duba ya ce murabba'i, nufinsa wanda ya yi kusa da murabba'i, kuma babu wanda ya shata inda kusa ta ƙare nesa ta fara. Tafina mai bambancin santimita 2.2 yaron ya kira shi murabba'i da safe, da la'asar da ƙanwarsa ta ce ita dogo take gani, sai ya yi shiru ya ce to, yana iya yiwuwa. Ka haɗa wannan shakka da ta yatsa, za ka ga cewa hannuna guda ya zama iska, ya zama ƙasa, ya zama ruwa, ya zama wuta, tsakanin hantsi da magariba, kuma kowane karo da aka karanta mini siffofin gidan da na faɗa, sai matan gida su gyaɗa kai su ce wallahi Malam ne sak. Dalili kuwa a fili yake: wane ne ba ya haƙuri wata rana, ya yi gaggawa wata rana, ya yi surutu a wurin abokai, ya yi hawaye a wurin jana'iza? Siffofin an ɗinka su ne kamar babbar riga, kowa ya sa ta zauna masa.

Ta huɗu, ka cire zobe. Ta biyar, mace mai lalle ta jira ya koɗe, domin yana rufe tsagar gindin yatsa. Akwai wata a kan mai juna biyu da hannunta ya kumbura, da manomin da fartanya ta faɗaɗa masa tafi da kanta, amma na bar ƙidaya, domin ba don gyara awon na ɗauki alƙalami ba.

Abin da ya sa na ɗauke shi ita ce yarinyar nan. An dubi hannunta, hannun da bai gama girma ba, aka ce mata na ƙasa ne, kuma mai hannun ƙasa bai dace da littafi ba sai sana'a, a gaban ƙannenta da 'yan'uwanta, ita kuwa ita ce ke zuwa ta farko a lissafi a ajinsu, ta kuma kai izu ashirin a allo. Washegari ta ƙi shirin makaranta, ta ce wa uwarta ai ba amfani. Wallahi na ji zafin wannan fiye da yadda zan iya rubutawa, domin yaro yana gaskata abin da babba ya faɗa masa game da kansa, musamman idan babban ya riƙe littafi mai rubutun Turanci da zane-zane. Firasa da malamai irin su Fakhruddin Arrazi suka yi rubutu a kanta zato ce da ake yi daga alamu, kuma zato bai taɓa zama hujjar rufe wa yarinya ƙofar ilmi ba. Idan kuwa aka wuce daga hali aka shiga faɗin abin da zai sami mutum gobe, an taka gonar gaibu, kuma kowane almajiri ya san gargaɗin da ya zo a hadisi game da zuwa wurin mai duba.

Tsawon yatsu yana da wurin da yake magana da gaske, amma a ɗakin likita ne. Akwai wata cuta ta gado da ake kira da sunan likitan Faransa Antoine Marfan, wanda ya bayyana ta a 1896, mai sa mutum ya yi tsawo da dogayen hannuwa da yatsu sirara fiye da kima, har idan ya kama wuyan hannunsa da ɗaya hannun babban yatsa da ƙaramin su haye juna, idan kuma ya dunƙule hannu a kan babban yatsa kansa ya leƙo ta ɗaya gefen. Haɗarinta yana ga babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, wadda kan buɗe a hankali ba tare da ciwo ba, da kuma idanu. Wanda ya ga haka a jikin ɗansa, ya kai shi asibiti a duba masa zuciya, kada ya tsaya ana ce masa hannun ruwa ne mai taushin hali.

Yarinyar kuwa na kira ta zaure, na ba ta tef da fensir, na ce ta auna hannun kawun nata da kanta ta yi lissafin. Ta durƙusa ta auna daga tsaga ta farko, ta auna daga ta biyu, ta fitar da rubu'i uku na kowanne a bayan kwalin sukari ba tare da ta goge ko sau ɗaya ba, sa'an nan ta ɗaga kai ta ce, «Kawu, a wannan kai iska ne, a wannan kuma ƙasa, wanne zan rubuta?» Ya daɗe yana kallon kwalin, ya ce ta rubuta duka biyun. Ran Litinin ta ɗauki jakarta ta tafi makaranta, ni kuma na mayar wa tela tef ɗinsa, wanda ya aiko sau biyu yana nema saboda ɗinkin wani biki da ya tsaya masa.