Godiyar Wanda Ya Nema Maka Aiki Bai Samu Ba

Godiya ga wanda ya tsaya wa mutum a neman aiki amma abin bai yiwu ba ta fi godiyar nasara wuyar sha'ani. Idan an samu aiki kowa ya san abin yi: a je da albishir, a ba da tukwici, a tuna da mai taimako ranar albashin farko. Idan kuwa ba a samu ba, mutum biyu ne ke fama da kunya lokaci guda. Mai nema yana jin nauyin wahalar da ya sa babba, shi kuma babban yana jin nauyin alkawarin da ya yi da bakinsa a gaban jama'a. Aikin wannan godiya shi ne ta sauke nauyin biyu, ta kuma rufe maganar. Ma'auninta shi ne wahalar da aka sha, domin sakamako dai babu shi.

Abin da ake gode wa

Kafin a yi godiya sai an san abin da mai taimako ya yi. A ƙa'ida, guraben aikin gwamnatin tarayya a Najeriya ana tallata su ne, a raba tsakanin jihohi 36 da Abuja, bisa kulawar hukumar daidaita rabon muƙamai da aka kafa a 1996. A aikace kuwa kowa ya san amfanin uwa a gindin murhu. Saboda haka mai digiri yakan haɗa takardunsa a ambulan: takardar shaidar kammala karatu, ta bautar ƙasa, ta haihuwa ko ta rantsuwar shekaru daga kotu, da ta shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Sai ya miƙa wa wani babba da ake jin ya san mutane.

Wahalar babban iri uku ce. Akwai ta ƙafa, wato zirga-zirga da zaman benci a ofishin sakatare. Akwai ta aljihu, domin daga Kano zuwa Abuja ta Zariya da Kaduna tafiya ce ta fiye da kilomita 400, kuma sau da yawa shi ke biyan kuɗin motarsa. Ta uku ta fi su tsada: ya kashe alfarmar da yake da ita a wurin wani. Tsohon abokin aiki ana roƙonsa sau ɗaya ko biyu ne a rayuwa, kuma wanda ya yi wannan roƙon saboda ɗan wani ya hana ɗansa na cikinsa. Mai godiyar da ya san wannan ba ya cewa "ai bai yi min komai ba".

Lokaci da wuri da kaya

Ana zuwa godiya da wuri, cikin kwana biyu ko uku da tabbatar rashin nasara. Jinkiri yana sa mai taimako ya ɗauka ana fushi da shi, sai ya fara sauya sahu a masallaci, ya riƙa bin doguwar hanya zuwa kasuwa don kada a haɗu. Waya ba ta wadatarwa ga babba idan gari ɗaya ake, sai an taka ƙafa.

Wurin da ya dace shi ne zaure ko soro, a lokacin da ba kowa, kamar da hantsi ko bayan isha'i. Bayan la'asar shi ne lokaci mafi haɗari, domin a lokacin ne majalisa take cika a ƙofar gida, kuma majalisa ba ta jiran a gama magana kafin ta yanke hukunci.

Kayan godiya ya kamata su kasance ƙanana. Goro hamsin, wato rabin ƙwarya, ko 'yar kwalbar turare, ko ma hannu rabbana da addu'a mai kyau, duk sun isa. Babbar kyauta tana faɗin ɗayan abu biyu, kuma duka biyun ƙarya ne: ko dai an samu aikin, ko kuma ana so a sake komawa Abuja.

Misali: al'amarin zakara

Wani saurayi a cikin birnin Kano ya gama bautar ƙasa ya zauna gida shekara biyu. Kawunsa, yayan mahaifiyarsa, tsohon ma'aikaci ne ɗan fansho, kuma yana da abokin makaranta da ya zama darakta a wata hukuma a Abuja. Kawun ya karɓi ambulan, ya shiga motar asuba da kuɗin fanshonsa, ya kwana a ɗakin wani ɗan garinsu, ya wuni a benci. Da aka shigar da shi ofis sai ya tarar da baƙuwar fuska a kujerar, domin an yi wa abokin nasa canjin wurin aiki makon da ya wuce. Sabon daraktan ya karɓi ambulan da hannu biyu, ya ce za a duba. Da sunaye suka fito, babu na yaron.

Mahaifiyar yaron ta ba shi shawarar da ta dace. Ta ce ya sayi goro hamsin, ya je bayan isha'i, ya durƙusa ya yi godiya ya taso. Yaron ya ga goro ya yi kaɗan ga mutumin da ya kwana a tabarmar wani saboda shi. Sai ya ranci kuɗi ya tafi wurin 'yan kaji ya zaɓi jan zakara mafi girma, ya sa babbar rigarsa ta Sallah don girmamawa, ya hau adaidaita sahu, ya sauka a ƙofar gidan kawun ana idar da sallar la'asar. A tafiya ɗaya ya karya ƙa'idar kaya da ta lokaci, ya ƙara da ta sutura wadda ba a ma rubuta ba.

Dattawa bakwai ne a kan tabarma. Da suka ga saurayi cikin babbar riga ranar Talata, riƙe da zakara yana kaɗa fuka-fukai, babu wanda ya nemi ƙarin bayani. Ɗaya ya ce, "Alhamdu lillahi, ta samu!" Wani ya ce shi dama tun yaron yana rarrafe ya ga alamar ofis a goshinsa. Yaron ya buɗe baki zai yi magana, liman ya ɗaga hannu aka shafa fatiha, kuma ba a katse fatiha.

Ana cikin haka kawun ya fito daga cikin gida. Ya ga zakara, ya ji ana barka, sai ya ɗauka an fitar da jerin sunaye na biyu. Nan take ya gyara zama ya ba majalisa labarin yadda ya yi da sabon daraktan, har ya ƙara cewa mutumin ya rako shi bakin mota. Yaron ya durƙusa ya ce, "Kawu, dama zuwa na yi in yi godiya, domin..." Kawun ya dafa kansa ya ce, "Haba ɗan nan, tsakanina da kai babu godiya. Kai dai ka riƙe amana, ka guji kuɗin gwamnati." Aka miƙa zakara cikin gida.

Daga nan labari ya riga yaron isa gida. Kafin magariba mata sun fara shiga yi wa mahaifiyarsa barka. Mai shayin unguwa, wanda ya daina ba shi bashi wata uku da suka wuce, ya haɗa masa mai kauri da ƙwai uku ya ce a bari sai ƙarshen wata. Samari biyu suka kawo masa nasu ambulan, tunda yanzu yana ciki. Wanda ya ranta masa kuɗin zakara ya ce ya ƙara idan yana buƙata.

Gyaran kuskure da sabon kuskure

Washegari da hantsi yaron ya koma, ya sami kawun shi kaɗai a soro, ya faɗi gaskiya. Lokaci da wuri sun yi daidai, amma harshe ya zame. Da ya ga fuskar tsohon ta faɗi, sai ya nemi lallashinsa ya ce, "Ba komai Kawu, ai kun yi iya ƙoƙarinku." Wannan magana ce da malami ke yi wa ɗalibin da ya zo na ƙarshe a aji, kuma idan ta fito daga bakin yaro zuwa ga babba tana nufin an auna ƙarfinsa an ga iyakarsa. Kawun ya yi shiru, sannan ya tambaya ko zakaran ma na habaici ne. An riga an cinye zakaran tun daren jiya da tuwon shinkafa, saboda haka babu damar mayar da shi, kuma wannan ya ƙara wa tsohon zafi.

Sakamakon irin wannan zamiya ɗaya ne kusan kullum: mai taimako ya ɗaura ɗamarar wanke sunansa. Kawun ya umarci yaron ya kawo sababbin kwafin takardu guda goma da hoton fasfo, ya ce zai nuna wa duniya cewa yana da mutane. Godiyar da aka yi don a rufe magana ta buɗe sabuwar tafiya Abuja.

Mahaifiyar yaron ce ta kashe wutar. Ta je da daddare da goro hamsin ɗin da ta faɗa tun farko, ta ce, "Yaya, an sha wahala, ga hanya ga kashe kuɗi, ga zaman jira. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Aiki kuwa ba rabonsa ba ne, ka huta haka nan." Kawun ya ɓare goro ɗaya ya ba ta rabi.

Abin da godiyar ta ƙunsa

Maganar mahaifiyar ta ƙunshi sassa huɗu da ake bukata, a jerinsu. Da farko an ambaci wahalar dalla-dalla, domin mai taimako ya san an gani. Sai addu'a. Sai a ɗora rashin nasara a kan rabo, wanda ke wanke kowa daga laifi ba tare da an auna ƙarfin kowa ba. Daga ƙarshe a sallami mai taimako a fili, a ce ya huta. Wanda ya bar sashe na huɗu, ko ya rufe da "idan an ji wata hanya a tuna da ni", ya shigar da sabuwar takardar neman aiki ne da sunan godiya.

Ana gane godiya ta karɓu da alamu uku. Mai taimako yana komawa sahunsa na da a masallaci. Yana gaisawa da mai nema ba tare da ya fara da "maganar nan tana nan" ba. Sannan yana iya ba da labarin tafiyar da kansa yana dariya. A misalin da aka kawo alamu ukun sun bayyana cikin mako guda. Bashin mai shayi da kuɗin zakara kuwa ba sa cikin abin da godiya ke biya, kuma sun ci gaba da zama a wuyan yaron.