Masu Gabatar da Malam Ranar Bankwana

Gabatar da babban baƙo a walimar ritayar malami aikin minti biyar ne: a faɗi sunansa, da makarantun da ya koyar, da darasinsa, a kawo labari guda da zai sa ɗalibai su ce lalle shi ne, a zauna. Sai dai makirfo na da aljanu, kowa da irin wanda ke hawansa.

Akwai mai gaisuwa. Zai bi sahun gaba kujera-kujera, daga wakilin hakimi zuwa sakataren ilimi, ya ce "kar mu manta da iyayenmu mata", har lemo ya huce bai iso kan Malam ba.

Mai fayil kuwa takarda yake riƙewa daf da hanci. Malam ya shiga aji ɗaya a 1976, shekarar da aka fara UPE, ya yi NCE, ya kama aiki a 1990, yau ya cika shekara 35. Lissafi mai sauƙi, amma sai ya tsallake layi ya ce Malam ya fara koyarwa a 1976. Malam, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gyara kuskure da jan biro, sai ka ga yatsunsa na laluben aljihun gaba.

Wanda ya fi cin rai shi ne tsohon ɗalibin da ya samu duniya. "Ba don Malam ba, da ban zama darakta ba." To, madalla. Daga nan fa sai darakta: digirinsa, tafiyarsa Landan, rijiyar burtsatsen da ya haƙa wa unguwa. Malam na zaune cikin sabuwar shadda yana sauraren tarihin yaron da ya sha kora saboda latti. Na lura irin wannan bai cika ba da ambulan mai kauri ba.

Mai ƙullin bulala da dariya yake farawa: "Malam, ka tuna ranar da ka yi min shida a asambuli?" Zai ce ya yafe, amma ya san ranar, ya san monitan da ya rubuta sunansa, kuma monitan na zaune a sahu na uku.

Abokin aiki shi giratuti ne ciwonsa. Zai tuna wa jama'a cewa dokar 2022 ta ɗaga ritayar malamai zuwa shekara 65 na haihuwa ko 40 na aiki, ya tambayi dalilin da ba ta iso nan ba, idonsa a kan sakataren ilimi, wanda nan take waya ta kama shi.

Sai mai ta'aziyya. Muryarsa na rawa: "Malam mutum ne mai haƙuri, mun yi babban rashi." Kafin a ankara ya ce Allah ya jiƙansa, rabin zaure suka amsa da amin. Malam ya miƙe, ya karɓi makirfo, ya ce: "Yaro, zauna. Ko fansho ban fara karɓa ba."