Yadda Za Ka Gayyaci Kanka Zuwa Fodkas Ba Tare da Ka Zubar da Girma Ba

A Yerwa yanzu, duk saurayin da ya mallaki makirfo biyu da fitila mai zobe ya buɗe fodkas, wato shirin hira da ake saurara ta waya. Kai kuma kana zaune kana jiran a gayyace ka. To, malam, zauna da kyau, domin ba za a zo ba. Ni mai wankin hula ne a gefen Kasuwar Monday, na gayyaci kaina har sau uku kafin a karɓe ni, saboda haka ina da lasisin ba da shawara.

Da farko, saurari shirin. Na san abin da wuya, ga tsadar data, amma ka daure ka ji kashi uku har ƙarshe. Saƙona na farko ya mutu ne saboda na rubuta wa mai shirin cewa kullum ina jin daɗin yadda yake tattauna siyasa, alhali shirin nasa na sana'o'in hannu ne. Ya karanta, alamar nan ta WhatsApp ta yi shuɗi, shi ke nan. Idan ka saurara, za ka san tsawon kowace hira, da irin baƙin da yake kawowa, da kuma gurbin da bai taɓa ba. Wannan gurbin shi ne ƙofarka.

Na biyu, matse maudu'inka har sai ya yi ƙara. A saƙona na biyu na ce zan yi magana a kan "al'adun Barno da ƙalubalen matasa". Wannan ai rigar kowa ce. Malaman Jami'ar Maiduguri sun fi ni iya ta, kuma suna da digiri. Sai na sauko zuwa hula. Hula ma ta yi faɗi: akwai masu zane, akwai masu ɗinki, akwai dillalai, akwai tarihin masu ɗinkin Bama da suka kwararo Yerwa bayan da garinsu ya faɗa hannun 'yan Boko Haram a 2014. Na ƙara saukowa zuwa wanki. A cikin wankin ma na tsaya a kan tambaya ɗaya: me ya sa hular da aka saya daidai kai take dawowa daga wanki ko dai tana matse goshi, ko tana rufe kunne? Za ka gane ka isa wurin ne idan matarka ta ji maudu'in ta ce, "Yanzu a kan wannan za ka yi minti talatin?" Wannan ita ce shaidar nasara.

Na uku, rubuta saƙon gajere. Mu mutanen Barno idan muka fara gaisuwa sai rana ta karkata, amma a nan layi ɗaya ya isa. Kada ka tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya har zuwa awaki. Ga wanda ya ci mini nasara:

"Assalamu alaikum, Malam, wushe da aiki. Na ji hirarka da mai harhaɗa turaren wuta, musamman inda ta yi bayanin yadda ake jiƙa itacen. Ni mai wankin hula ne, shekara goma sha biyu ina yi. Ina so in zo in amsa tambaya ɗaya: me ya sa Zanna Bukar mai lamba 22 take zama 23 bayan wanki? Zan yi bayanin gungumen da ake ɗora hula, da bambancin sitati da ƙaro, da dalilin da zare yake zuba. Zan zo da kayan aikina. Ina da sarari Talata ko Laraba bayan La'asar. Ga muryata ta minti ɗaya a ƙasa."

Duba abin da ke ciki. Akwai shaidar cewa ka saurara, kuma shaida ce da ba a iya ƙirƙira. Akwai tambayar da zai iya ɗauka ya mai da ita taken shirin ba tare da ya yi gumi ba. Akwai abubuwa uku, ba goma sha bakwai ba. Abin da babu shi ne "shahararre", da "ƙwararre na ƙasa da ƙasa", da hotonka kana gaisawa da ɗan majalisa. Ajiye wannan hoton don falo.

Na huɗu, muryar nan ta minti ɗaya ita ce ainihin jarrabawa. Mai fodkas murya yake saya, ba takardar shaida ba. Kada ka ɓata ta wajen gabatar da kanka; ba shi ɗanɗano. Ni cewa na yi: hula idan ta jiƙe zarenta yakan saki, sai ta ɗauki girman duk gungumen da aka cusa ta a kai. Yaro mai gaggawa ya rasa gungume mai lamba 22, ya ja ta da ƙarfi a kan 23, sitati ya bushe ya kulle ta a haka. Alhaji ya sa ranar Juma'a, ta sauko masa har gira, ya ce kansa ne ya rame. Daga nan na yi shiru. Ragowar, wato yadda ake dawo da ita, sai a shiri. Mai tallan tsire ma yanka ɗaya yake ba ka.

Ka kuma kula da inda za ka ɗauki muryar. Ɗaukata ta farko a bakin titi na yi, sai ga Keke Napep uku da janareton maƙwabci sun shigo hirar ba gayyata. Shiga ɗaki mai labule da katifa, rufe ƙofa, kashe fanka. I, na san zafin Afrilu a Yerwa yana haura digiri 40. Minti ɗaya ne, ba za ka narke ba.

Na biyar, tuna cewa mai sauraro kunne ne kawai da shi. Idan maudu'inka na ido ne, nemo masa sauti. "Ka ga wannan launin?" ba ta da amfani ga direban da ke saurare a hanyar Damaturu. Amma ƙarar buroshi a kan jiƙaƙƙiyar hula, da ƙwas ɗin da busasshiyar hula mai sitati take yi idan ka ɗalle ta da yatsa, waɗannan kowa zai ji. Faɗa wa mai shirin tun a saƙo cewa za ka zo da su.

Na shida, tuni sau ɗaya ake yi, bayan mako guda, da layi ɗaya. Kada ka kira shi da Asuba. Kada ka tura masa kawunka mai sarautar gargajiya. Kada ka tare shi a wurin ɗaurin aure yana tsakiyar cin shinkafa. Kada kuma ka fara da tambayar kuɗin mota: yawancin masu shirin nan da aljihunsu suke sayen fetur ɗin janareto. Idan ya ce a'a, yi godiya, ka aika wa na gaba, amma don Allah ka canza sunan da ke saman saƙon.

Ni dai an ɗauke ni wata Laraba. Minti talatin aka tsara, muka yi hamsin, har da bayanin dalilin da ruwan zafi yake sa jan zare ya zuba a kan fari, da yadda ƙurar hunturu take manne wa sitatin da bai bushe ba. Da muka gama, mai shirin ya kashe makirfo, ya waiga hagu da dama, ya cire hularsa ya miƙo mini a hankali. Lamba 22 ce, wani ya ja ta a kan 23. Na ce masa ya zo Asabar, kuma kuɗin wanki bai canza ba.