Mu 'yan Mahdiya da tiyon da ya girme wa 'ya'yanmu

Mu 'yan Mahdiya, a kan tukunyar gas ba a yi mana wayo. Motar kamfanin Brega na tsayawa, labari ya karaɗe unguwa har Gurda da Manshiya. Mun iya bin layi, mun iya ɗaga tukunya mu jijjiga mu ce wannan ba ta cika ba. Sai an kai ta gida ne basirar ke ƙarewa. A ɗaura mata regiletan da aka gada wurin wanda ya bar ɗakin ya koma Damagaram, da tiyon da ba wanda ya san ranar sayensa, a ce bismillah, a kunna.

Tiyon nan kuwa yana shan wuya a Sabha. Da bazara zafi ya haura digiri 40, ga mu da ajiye risho a tsakar gida, rana na dukan roba tun safe. Da hunturu sanyin dare ya ƙandarar da ita. Iskar gibli ta zo ta lulluɓe komai da ƙura, tsagar da ke jiki ta ɓuya. Shi ya sa kallo daga nesa bai isa ba. Sai ka goge tiyon da tsumma, ka lanƙwasa shi kaɗan-kaɗan tsakanin yatsu daga wannan baki zuwa wancan. Mai lafiya yana lanƙwasuwa ya koma yadda yake. Wanda ya mutu ya yi tauri, kuma yana lanƙwasuwa sai ƙananan tsagogi su buɗe baki kamar faso a dunduniya. An fi samunsu a bakuna biyu, wajen regileta da wajen risho inda wuta da mai ke taɓawa. Tiyon gas na ƙwarai akwai rubutu a jikinsa har da shekara, wani ta ƙira, wani ta daina aiki. In ya kai shekara 5 a canza shi, ko da yana sheƙi. In babu rubutu sam, mai yiwuwa mesar ruwa ce aka yanko, kuma a cikinmu akwai masu yin haka, kada mu ɓoye wa juna.

Rannan a teburin mai shayi aka yi ta. Wani dattijo ya ga waya an murɗe a bakin tiyo, ya ce: "Yaro, wannan fa?"

"Baba, ai ta fi ƙarfi. Ni na ɗaure da kaina."

"Ita ce za ta yanka robar. Kilif na ƙarfe mai noti nawa yake?"

"Baba, shekara biyu yana haka, ba abin da ya faru."

"To kawo ruwa da omo."

Aka kaɗa kumfa a kofi. Ya sa aka kashe rishon, aka bar tukunyar a buɗe don iska ta cika tiyon. Ya shafa kumfar a wuyan tukunya, da inda regileta ya zauna, da bakunan tiyo. Wajen wayar shiru. Mai shayi har ya fara murmushin nasara, sai ga wani ƙwan kumfa yana kumbura a gindin regileta, ya fashe, wani ya taso. Da aka rufe tukunyar aka cire, sai aka tarar 'yar robar nan zagayayya da ke tsakanin regileta da bakin tukunya ta lotse ta tsage. Mai shayi ya ce dama kwana biyu yana jin wari, ya ɗauka kwata ce.

A wajen regileta kuma muka fi nuna fasaha. Ba duk bakin tukunya ne ɗaya ba. Akwai mai murɗawa, wanda zarensa na hagu ne, akwai mai dannawa ya kama, shi ma faɗinsa iri-iri. Wani ya ɗauko regiletansa tun daga Agadas, ya zo bai zauna daidai ba, sai ya naɗa leda, ko ya ɗora dutse a kai ya danne. Regiletan da sai da dutse yake aiki ba na tukunyar nan ba ne. Wanda ya dace yana zama daram, in ka girgiza shi ba ya rawa. Akwai kuma na babban murhu mai sakin iska da ƙarfi, irin na masu dafa abincin sayarwa. In ka haɗa shi da ƙaramin rishon ɗaki, harshen wuta ya rinƙa tashi daga kan murhu yana huci, tiyon da ba a yi shi don wannan ƙarfin ba ya kumbura.

Masu gwaji da ashana, Allah ya shirye ku. Iskar gas ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, ƙasa take kwanciya, mu kuma a ƙasa muke shimfiɗa katifa, mutum shida a ɗaki, ƙofa a rufe saboda sanyi. In ka shigo ka ji warin, rufe tukunya, buɗe ƙofa da taga, kada ka taɓa makunnin lantarki. Kuma da yake wuta a garin nan tana tafiya ta dawo ba sallama, gara a fitar da tukunyar tsakar gida tun kafin firji ya tashi da kansa.