Baffa daban, Kawu daban

Mu dai a Karaye da Rogo ba a ce mana "ɗan'uwana ne" mu yi shiru, sai mun tambaya: ta wajen uwa ko ta wajen uba? Domin amsar ce za ta gaya mana ko durƙusawa za mu yi ko tsokana.

Ƙanin uba ko wansa Baffa ne, wan uwa ko ƙaninta Kawu, 'yar'uwar uba Gwaggo, ta uwa kuwa Inna. Bature duk mazan nan suna ɗaya yake ba su, mu kuwa ko Bafillace maƙwabcinmu ya san bambancin, don kusan haka yake kiransu da yarensa. Ranar ɗaurin aure ake gane abin. Kawu zai sha hidima, ya kawo buhun masara, ya yi ta kai da kawo, amma da liman ya ce ina waliyyi, Baffa ne zai gyara babbar riga ya matso, ko da bai kawo ko goro ɗaya ba. Wajen Kawu kuma muke gudu in mun yi laifi a gida, Baffa ai hannunsa da na uba ɗaya ne wajen bulala.

'Ya'yansu fa, nan ake yin ta. Ɗan Baffanka, ku 'yan maza zar ne, yaya ne ko ƙane, babu wasa. Ɗan Innarka 'yan mata zar, haka nan. Amma ɗan Kawunka ko ɗan Gwaggonka, wannan taubashi ne, abokin wasa. Dattijo da furfura zai tare shi a tsakiyar kasuwar Rogo ya ce masa bawana, wancan ya ce ƙarya kake, ni ne ubangidanka, a yi ta yi har masu rake su sa baki. Watan cika-ciki ya kama, a bi juna da neman kuɗin shara, kuma duk cikinmu babu wanda bai taɓa ɓuya a bayan rumbu ba don kada a karɓe masa.

Abin ya daɗe. Baba ta Karo, wadda ta tashi a wajen Zarewa ta ƙasar Rogo, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta, littafin ya fito a 1954, cike yake da wasan taubasai da auren zumunci, ita ma aurenta na fari na zumunci ne.

Auren zumuncin nan shi ke rikita mana lissafi. Ka auri 'yar Kawunka, jiya taubashiyarka ce kana ce mata mummuna, yau matarka ce. Kawun da kake shiga ɗakinsa ka buɗe kwano ya zama suruki, sai cire takalmi tun daga zaure, ko ruwa ba ka sha a gabansa. Ƙanwarta wasa ya ninku, yayarta kuwa, wadda kuka yi ta jan kunnen juna tun kuna yara, yanzu sunkuyar da kai za ka yi ka gaishe ta, ita kuma tana danne dariya cikin mayafi tana amsawa.