Alhaji, Aje Kalkuletar, Ragunan Nan Sun Ci Ka

Na san abin da za ku ce, 'yan kasuwa. Za ku ce ɗan boko zai koya wa kifi iyo. Yaro ya dawo daga makaranta da takardar aikin gida ta darasin kasuwanci, cike da labarin buhun gero da ragon layya da jarin haɗin gwiwa, ku kuwa kuka taɓe baki, wai wanda bai taɓa cewa "albarka" ko "na sallama" ba, shi ne zai tsara tambaya a kan riba da asara. To, ban zo musu ba. Na yarda akwai wanda zai lissafa kuɗin buhu saba'in da ka a Dawanau kafin malamin lissafi ya gano inda ya ajiye bironsa. Tambaya uku kawai zan ɗauko daga irin takardar. Wanda ya ci duka, ya yi min dariya a bainar jama'a.

Ta farko mai sauƙi ce, don a shiga da ƙafar dama. Wani ya sayi buhun gero naira 40,000, tiya 40 ne a ciki, ya auna kowace tiya a kan naira 1,250. Kashi nawa cikin ɗari ya ci riba? Ciniki ya kama 50,000, riba 10,000, nan babu gardama. Gardamar tana zuwa ne wajen kason. Alhaji mai rumfa zai kalli dubu hamsin ɗin da ke hannunsa, ya ga dubu goma ɗaya ce cikin biyar, ya ce kashi 20. Yaro zai raba 10,000 da 40,000, ya ce kashi 25. Malami zai ba yaro maki, Alhaji ya ce dama ai boko ba ya son gaskiya.

Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kowa ya amsa tambayar da ke kansa ne. Yaro ya auna ribar da uwar kuɗi, Alhaji ya auna ta da kuɗin ciniki, kuma duka ma'aunan biyu ana aiki da su a littafin kasuwanci. Sai dai ƙa'idar irin waɗannan takardu ita ce, idan aka ce kason riba aka yi shiru, to a kan uwar kuɗi ake nufi. Saboda haka kafin a taɓa kalkuleta, abin tambaya shi ne: kashi cikin ɗari na me? Ku riƙe wannan, don shi zai kayar da ku nan gaba kaɗan.

Inda kuke da gaskiya, kuma ba zan ɓoye ba, shi ne buhun takarda buhun aljanna ne. Ba ya hawa mota, ɗan dako ba ya taɓa shi, babu tsakuwa, babu ƙaiƙayi, babu tsohuwar da za ta tsaya ta ce "ɗan nan, ina gyarata?" Malamin da ya san aikinsa yakan ƙara wa tambayar ɓangare na biyu saboda haka. A ce kuɗin mota 1,500, dako 500, sannan tsakanin gyara da abin da ya zube da tozon da ake yi wa tiya, biyu sun tafi, 38 aka sayar. Yanzu uwar kuɗi ta koma 42,000, ciniki kuwa 38 sau 1,250, wato 47,500. Riba ta sauko 5,500. A raba ta da 42,000, kashi 13 ne da ɗan ɗigo. Ribar da aka yi ta kuri da ita ta kashi 25 ta kusa rabewa biyu, alhali farashin tiya bai motsa ba ko da kwabo.

Akwai kuma abin da wannan ɓangaren yake fitarwa wanda ya fi kason amfani. A raba 42,000 da tiya 38, za a ga kowace tiya ta tsaya wa mai ita a kan wajen naira 1,105, ba 1,000 da yake rayawa a ransa ba. Ranar da kasuwa ta yi sanyi ya ce bari ya saki a 1,100 tunda ai da ɗari a sama, to jarinsa yake gutsura yana murmushi. Yara kan faɗi a nan ta hanya ɗaya: su cire kuɗin mota da dako daga riba, amma su manta su ƙara su a kan uwar kuɗi wajen rabawa, sai su raba 5,500 da 40,000. Mai duba takarda da ya ga amsa ta haura kashi 13 da rabi ya san inda aka yi tuntuɓe.

Yanzu ga wadda na zo dominta. Mutum ya kai raguna biyu kara ana jibi Sallah. Kowanne ya sayar da shi naira 120,000. A na farko ya ci ribar kashi 20 cikin ɗari, a na biyu ya yi asarar kashi 20. Ya ci ne ko ya faɗi?

Na ji ku. "Ai an yi canjaras, ashirin ta cinye ashirin." Har da gyara hula. Hajiya mai adashi ma ta ce wannan ko jikarta ta sani. To, ku zauna.

Ragon farko an sayar da shi da riba, ke nan 120,000 ɗin nan ba ɗari ba ce, ɗari da ashirin ce cikin ɗari na kuɗin sayensa. A raba 120,000 gida 120, kowane gida 1,000, a ɗauki gida ɗari: an saye shi 100,000, riba 20,000. Rago na biyu an faɗi a kansa, ke nan 120,000 ɗinsa kashi 80 ce kawai ta kuɗin saye. A raba ta gida 80, kowane gida 1,500, gida ɗari ya kama 150,000. Asara 30,000. Mutumin ya zuba 250,000, ya koma gida da 240,000. Dubu goma ta yi ɓatan dabo, kashi 4 cikin ɗari na jarinsa, ba a ma zo maganar dusa da harawa da la'adar dillali ba.

Ina ta shiga? Ashirin ɗin biyu ba 'yan uwa ɗaya uba ɗaya ba ne. Ta ribar an yanke ta daga dubu ɗari, ta asarar an yanke ta daga dubu ɗari da hamsin, dole ta biyun ta fi nauyi. Kuma ba sharrin waɗannan alƙaluman ba ne. Duk kaya biyu da aka sayar a farashi ɗaya, ɗaya da riba ɗaya da asara a kaso iri ɗaya, ƙarshensa faɗuwa ce. Da kashi 10 ne, asarar kashi 1 ce. Da kashi 50 ne, rubu'in jari ya tafi.

Wani mai taurin kai a bayan rumfa zai ce shi ba haka zai yi ba, kashi 20 na 120,000 zai cire, wato 24,000, ya ce an sayi ragon farko 96,000. Madalla, Malam. Gwada amsarka da kanka, ba sai ka yarda da ni ba. Kashi 20 na 96,000 nawa ne? 19,200. Ɗora a kai, ka sami 115,200. Ina sauran 4,800 da za su cike 120,000? Wannan komawa baya a gwada ita ce hanya mafi arha ta kama kuskure a duk tambayar da aka ba da kuɗin sayarwa aka nemi kuɗin saye, kuma yawancin ɗalibai ba sa yi, suna sauri su kai tambaya ta gaba. 'Yan Kantin Kwari da ke ƙyaƙyata dariya su ma kada su saki jiki. Turmin atamfa na 20,000 da aka ɗora wa kashi 25 ya zama 25,000, idan aka yi rangwamen kashi 25 don a rabu da shi, 18,750 zai dawo, ba 20,000 ba. Kashi 20 ne rangwamen da zai mayar da mutum kan uwar kuɗinsa.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, mutanen nan da ke cewa kashi cikin ɗari kayan Nasara ne, su ne kowace shekara suke fitar da ɗaya cikin arba'in na dukiyar kasuwanci, wato kashi 2.5, ba su taɓa kuskuren na me za a cire ba. Manomi ya san dami ɗaya cikin goma na hatsin damina zakka ne. A nan kowa gwani ne. Sai an rubuta abin da alamar % jiki ya yi sanyi.

Ta uku, rabon riba. Wa da ƙane sun haɗa jari, wan ya zuba 300,000, ƙanen 200,000, shekara ta zagayo da ribar 90,000. Rabon uku ne da biyu, wanda takarda ke rubutawa 3:2. A haɗa uku da biyu, gida biyar, kowane gida 18,000. Wa ya ɗauki gida uku, 54,000, ƙane gida biyu, 36,000. Yaron da bai gane ba yakan raba 90,000 da uku ya ba wa 30,000, ya raba da biyu ya ba ƙane 45,000. Ko ba ka san lissafi ba ka ga alamar ɓarna biyu: mai ƙaramin jari ya fi samu, kuma 15,000 ta rage a ƙasa babu mai ita. Irin wannan rabon a gida, sai an kira kawu.

Sai malami ya murɗa tambayar: ƙanen bai shigo ba sai da shekara ta raba tsakiya. Yanzu kuɗi kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da watannin da ya yi yana aiki. Na wa 300,000 sau wata 12, na ƙane 200,000 sau wata 6, ya zama 3,600,000 da 1,200,000, wato uku da ɗaya. Gida huɗu ke nan, kowanne 22,500. Wa 67,500, ƙane 22,500.

A nan ne zan ba ku kujera, Alhaji, don takardar ta yi gajere. Ba ta tambayi wa ke buɗe rumfa da sassafe ba, wa ke bin bashi, wa ke kwana a mota zuwa saro kaya. Idan ƙanen ne ke wannan duka, wan kuwa sai dai ya leƙo ranar Juma'a ya sha lemo, rabon uku da ɗaya ba zai zaunar da zumunci ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da ware babin ƙiradi domin mai kuɗi da mai juya kuɗi: mai juyawa yana da kaso sananne daga riba, rabi ko sulusi ko yadda aka shirya tun farko, ba adadin kuɗi yankakke ba, asara kuwa tana kan mai dukiya muddin babu sakaci. Malamin da zai sa wannan a takardarsa, ni zan saya masa alli.

Amma wannan bai wanke ku daga maganar raguna ba. Har yanzu ana bin ku dubu goma, kuma yaron da kuka kora da takardarsa ɗazu yana zaure yana jira. Ku kira shi, ku ce ya karanto ta huɗu.